Yadda Na Daina Samun Ruwan Ƙasa a Rini

Farar atamfa nake ɗaurewa, in zuba ja da rawaya da shuɗi, amma duk inda suka gamu sai ya fito ruwan ƙasa, kamar an jiƙa da ruwan kwata.

Ashe rini ba ya rufe ɗan'uwansa, cakuɗuwa suke yi a cikin zare. Rawaya da shuɗi kore suke bayarwa, ja da rawaya ruwan lemo. Amma da ukun sun haɗu wuri guda, ko kore ya taɓa ja, shi ke nan.

Sai na sauya jeri: ja, rawaya, shuɗi, rawaya a tsakiya ta raba faɗa. Inda dole ja ya yi maƙwabtaka da kore, nakan bar fari kamar faɗin yatsa biyu, in ƙara tamke ɗaurin.

Na kuma daina ajiye yadin a gindin roba, domin ruwan da ya tsiyaye yakan taru ya koma ciki. Yanzu kan raga nake ɗorawa.

Kafin in taɓa yadin mutane, nakan ɗiga launukan da za su yi maƙwabtaka gefe da gefe a ƙyalle mai danshi, in wanke, in jira ya bushe. Jiƙaƙƙen yadi maƙaryaci ne, kullum ya fi duhu.