Yadda ake zaɓen maganin mura a Makka ba tare da an ninka farasitamol ba

Duk wanda ya taɓa karɓar baƙi masu Umara ya san yadda abin yake: kwana uku da sauka, sanyin esi a masauki, zafi a waje, ga cunkoson Harami, sai mura ta kama. Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ya miƙo ƙwaya daga jakarsa, wancan ya sayo sirof a saidaliyya, wato kantin magani. Murar kanta takan tafi cikin kwana 7 zuwa 10, ko an sha magani ko ba a sha ba, domin maganin sauƙaƙa wahala kawai yake yi. Abin da ke kai mutum asibiti sau da yawa shi ne haɗa magunguna.

Matakin farko, kafin ka shiga kanti, ka tsayar da abu ɗaya da ya fi damunka. Hanci ne ya toshe, ko majina ce ke zuba, ko tari ne ya hana barci? Kowanne da maganinsa.

Idan toshewa ce, jijiyoyin jinin cikin hanci ne suka kumbura, ba majina ce kawai ta cika shi ba. Maganin buɗe hanci yana tsuke jijiyoyin. Na feshi, irin Otrivin mai sinadarin zailometazolin, yana aiki cikin 'yan mintuna, amma kada ka wuce kwana 5 kana fesawa, domin hanci yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi. Na haɗiya kuwa, sudo'efedirin, ba jijiyoyin hanci kaɗai yake tsukewa ba. Yana iya ɗaga hawan jini, ya sa bugun zuciya, ya hana barci. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu da dattijon da fitsari ke yi masa wuya, kada su sha sai da izinin likita. Ruwan gishiri na feshi ya fi musu. Akwai kuma fenilefirin a cikin ƙwayoyi da yawa, wanda a 2023 kwamitin masana na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya ce in an sha shi ta baki ba ya buɗe hanci. Ni dai ba na ɓata riyal ɗina a kansa.

Idan majina ce ke zuba kamar famfo, ga atishawa, to wannan aikin antihistamin ne, kuma kashi biyu ne. Tsofaffin, kulorfeniramin da difenhaidiramin, suna ɗan busar da majinar mura, amma suna sa gyangyaɗi da bushewar baki. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka ya bar su, haka tsohuwar da za ta sauka matakala cikin dare. Sababbin, loratadin da setirizin, miligiram 10 sau ɗaya a rana, ba su cika sa barci ba, sai dai ba su da wani tasiri sosai a kan murar ƙwayar cuta. Inda suke aiki shi ne in ƙura ko turare ne ke tayar maka: ido na ƙaiƙayi, hanci na ƙaiƙayi, atishawa a jere, babu zazzaɓi, babu ciwon jiki.

Tari kuma a saurare shi. Busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ke tashi da dare, shi ake ba dekistirometofan don ya lafa. Wanda ke fitar da kaki ba a danne shi, ƙirji ne ke share kansa. A sha ruwa da yawa, in an so a ƙara da gwaifenesin mai sassauta kaki. Mai shan maganin ciwon damuwa ya faɗa wa mai kantin kafin ya karɓi dekistirometofan, domin wasunsu ba sa haɗuwa. Yaran da ba su kai shekara 6 ba, ba a ba su waɗannan magungunan mura da tari. Cokalin zuma a ruwan ɗumi ya isa, muddin yaro ya wuce shekara ɗaya.

Mataki na gaba shi ne wanda ake tsallakewa. Ka fito da duk abin da kake sha, har da wanda ka zo da shi daga gida, ka jera kwalayen, ka juya bayansu. Kada ka dubi babban sunan da ke gaba, ka dubi ƙananan sunayen da ke da lamba a gefensu, ka nemi kalmar da ta maimaita kanta. A ɓangaren Larabci za ka ga barasitamul, a maganin Amurka kuma asetaminofen, duk abu ɗaya ne. Panadol, Fevadol da Adol duk farasitamol ne, kuma yawancin ƙwayoyin mura na haɗi da garin da ake damawa a ruwan zafi suna ɗauke da shi. Iyakar babba lafiyayye miligiram 4,000 ce cikin awa 24, kada ya wuce 1,000 a sha ɗaya, da tazarar aƙalla awa 4. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, tasa iyakar ta yi ƙasa da haka.

Ga yadda lissafin ya kasance da gwaggona lokacin da ta zo Umara. Na tarar da ita a masauki tana layi, ta ce kanta na sarawa.

"Gwaggo, me kike sha ne?"

"Ba komai, ɗan nan, na mura ne kawai da na ciwon ƙafa."

Na ce ta zazzage jakar. Ƙwayar murar kowacce tana da farasitamol miligiram 500, sudo'efedirin 30 da kulorfeniramin 2, tana shan biyu sau uku a rana: farasitamol 3,000 ke nan. Bayan ɗawafi da sa'ayi ƙafafu na ciwo, sai ta ƙara farasitamol zalla mai 500 guda biyu, safe da yamma: 2,000. Da dare wata maƙwabciyar ɗaki ta ba ta ƙwayar barci biyu, kowacce da farasitamol 500 da difenhaidiramin 25: 1,000. Jimilla 6,000 a rana, kwana biyu a jere. Ga antihistamin iri biyu da suka sa ta layi, ga sudo'efedirin 180 a jikin mai hawan jini. Babu kwalin da ta wuce ƙa'idarsa, haɗuwar ce ta wuce.

Mugun halin farasitamol shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Ranar farko mutum na iya jin garau, ko ɗan tashin zuciya da zai ɗora wa murar. Sai kwana na biyu ko na uku ciwon gefen dama na ciki, amai da rawayar ido su bayyana, lokacin hanta ta riga ta taɓu. Akwai makari, asetilsistin, kuma ya fi aiki in an ba da shi da wuri. Shi ya sa ban jira ba, na kwashe kwalayen duka muka tafi asibiti aka ɗebi jininta. Allah ya taimaka hantar ba ta taɓu ba, likita ya tsayar da komai, ya bar ta da ruwan gishiri na feshi da farasitamol zalla.

In lissafinka ya wuce iyaka, ka daina sha nan take, ka tafi asibiti ko da lafiya kake ji. Layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana ba da shawara, motar gaggawa kuma 997. Haka ma in numfashi ya yi wuya, ƙirji na ciwo, kaki ya fito da jini, zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko tari ya haura mako 3, wannan ya fi ƙarfin saidaliyya.