Yadda na sa na'urar sanyaya ɗaki ta bi agogo

Zafin Afirilu a Katsina ya sa na so na'urar sanyaya ɗakin Hajiya ta riƙa kunna kanta ƙarfe biyu na rana, ta mutu da asuba. Na haɗa allon ESP8266, wata ƙaramar kwamfuta, da idon karɓar siginar rimot mai kama 38kHz, na danna rimot, na kwafi lambar da ta fito, na tura. Shiru kake ji.

Kwana biyu ina zargin ƙwan da ke aika siginar, ashe ba ruwansa. Rimot ɗin talabijin gajeren saƙo yake aikawa, amma na na'urar sanyi duk maɓallin da ka taɓa, dukkan saitin yake turawa a dunƙule: kunnawa, ma'aunin sanyi, ƙarfin fanka, har da lambar tantancewa a ƙarshe. Saƙon ya fi ƙarfin ma'ajiyar da na ware, sai aka datse wutsiyarsa, na'urar kuwa ba ta karɓar guntun saƙo. Alamar ita ce ko na sauya saitin rimot, tsawon abin da nake kamawa yana tsayawa cak a lamba ɗaya.

A IRrecvDumpV2, wani misalin shiri na kama siginar rimot da ke cikin laburaren IRremoteESP8266, na ga gyaran:

```
const uint16_t kCaptureBufferSize = 1024;
const uint8_t kTimeout = 50;
```

Layi na farko yana ƙara girman ma'ajiyar, na biyu kuma yana hana a ɗauki ɗan hutun tsakiyar saƙo a matsayin ƙarshensa. Na saita rimot a digiri 24, na kama kunnawa daban, kashewa daban, na tura da sendRaw, umarnin da ke aika sigina yadda aka kama ta.

Ƙwan ma sai da na sa masa taransista, don daga ƙafar allon kaɗai siginar ba ta tsallaka ɗakin.