Kurakuran da sababbin ma'aikata ke yi wajen tarbar baƙi da ciyar da su

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da masauki a Garuwa ta arewacin Kamaru, kuma duk sabon yaron da na ɗauka sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Na gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na rubuta, kowa ya karanta kafin ya tsaya a bakin ƙofa ko ya ɗauki faranti. Ƙofar nan kowa na shigowa ta cikinta: Bafulatani daga Marwa, fasto daga Ngawundare, ɗan kasuwa daga Njamena, mutanen Dutsen Mandara, Bature mai zuwa kallon namun daji.

Babban kuskuren shi ne ka dubi mutum ka yanke masa abin da yake ci. Ni ma na yi shi, kuma na ji a jikina.

Wata shekara mutum goma sha huɗu suka sauka wurinmu, za su yi kwana biyar suna taro. Na ji ana kiran shugabansu Fasto, sai na ce wa mai girkinmu, Kirista ne, ba su da matsala, a dafa komai. Daren farko aka yi tuwon dawa da miyar kuka, aka daka busasshiyar tarwaɗa aka zuba, kamar yadda muka saba. Sun yi nisa da ci sai wata dattijuwa ta tsinci ƙaya a bakinta. Ta ajiye ta a gefen kwano, ta kira ni a hankali ta ce, "Ɗana, wane kifi ne wannan?" Na ce tarwaɗa ce, Inna, ta Binuwai, ina murmushi don ina jiran yabo. Sai na ga hannaye suna fita daga kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'yan Adbantis ne, masu ibadar ranar Asabar. Ba sa shan giya. Ba sa cin alade, kuma a kifi sai mai ɓawo a jiki, bisa abin da ke cikin Littafin Firistoci sura ta 11. Karfasa da giwan ruwa suna da ɓawo, suna ci. Tarwaɗa santsi ne jikinta, ba sa ci. Ba wanda ya ɗaga mini murya, amma da safe suka biya kuɗin kwana ɗaya suka koma wani wuri. Kuɗin kwana huɗu ya tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na sa dattijuwa ta ci abin da ta yi shekaru tana kiyayewa.

Ku lura, abin da ya kayar da ni ba naman da ke saman faranti ba ne, wanda kowa ke gani ya ce a'a. Abin da ya narke a cikin miya ne. Garin kifi, romon ƙashi, dunƙulen ɗanɗano, man da aka soya wani abu da shi jiya, cokalin da ya fito daga wata tukunya ya shiga wata. Ɗan kasuwar Indiya da ya ce ba ya cin nama, in ka tsame naman daga miya ka miƙa masa, ka cuce shi, domin romon na nan. Da yawansu ko ƙwai ba sa ci. Wannan nasa wake da shinkafa ne ko miyar tafasa da gyaɗa, a tukunya daban, da man gyaɗa sabo.

Abin da nake yi tun daga ranar, kuma nake so ku yi: da zarar baƙo ya zauna ya sha ruwa, a tambaye shi, "Akwai abin da ba ka ci, ko wanda ba ka so a sa a miya?" Kowa ake tambaya, har mai rawani, har mai gicciye a wuya. A rubuta amsar tare da lambar ɗaki, a kai wa mai girki hannu da hannu. Kada na ji wani ya ce wa baƙo, "Wane addini kake bi?" Ba ruwanka. Kai abincinsa kake son sani, kuma tambayar abinci ta ishe ka. In kuwa baƙo ya tambaye ka abin da ke cikin miya kuma ba ka tabbatar ba, ka ce bari in tambayo. Wanda na kama ya ce "babu komai" don ƙyuyar zuwa kicin, ni da shi ne. Musulmi ya tambayi naman nan yankan waye, ka gaya masa mahaucin da muke saye wurinsa, kada ka ɓata rai kamar an zage ka.

Na biyu shi ne miƙa hannu. Wai ku me ke damunku da hannu? Na ga yaro da idona ya tunkari matar wani Alhaji daga Kuseri da hannu a miƙe, ita ta ja mayafi ta koma bayan mijinta, shi kuma ya tsaya da hannu a iska yana ƙara matsawa. Alhajin bai ce uffan ba, amma bai sake sauka wurinmu ba. Wata yarinya kuma da muka ɗauka ta yi akasin haka: wani Fada ya miƙa mata hannu, ta kau da kai ta bar shi tsaye kamar ya yi laifi. Dokata ɗaya ce. Ka gaisar da baki, ka ɗan rusuna, ka bar baƙo ya fara. Ya miƙo, ka karɓa da dama, in babba ne hagunka na riƙe da gwiwar hannun damarka. In kuma kai ne ba ka musabaha da mace, ko ke da namiji, to a ɗora hannu a ƙirji da fara'a a ce sannu da zuwa, tun kafin nasa hannun ya taso. Kowa na gane wannan, ba wanda zai ji kunya.

Gaisuwar baki ma haka. "Sannu da zuwa" ba ta ɓata wa kowa rai, haka "jabbaama" ga mai Fillanci, haka "bonjur" ga mai Faransanci. Wanda ya yi sallama a amsa masa cikakkiya. Kada ka kira mutum Alhaji don ya sa babbar riga, Kiristocin arewa da yawa ita suke sawa. Baba ko Inna sun isa har ka ji yadda nasa ke kiransa.

Sauran ƙanana ne. Ba a miƙa kofi ko faranti da hagu. Buta da sabulu su riga tuwo isa tebur. A watan azumi, baƙon da ya nemi abincin rana a kai masa da sakin fuska, ba tare da kallon tuhuma ba, mai azumi kuma a tambaye shi ko yana son a buga masa ƙofa lokacin sahur, kunu da ƙosai da dabino su kasance a shirye kafin kiran magariba. 'Yan Katolika suna da nasu azumin na kwana 40 kafin Ista, kuma ranakun Juma'a na cikinsa ba sa cin nama, don haka a tanadi kifi. 'Yan Adbantis kuwa Asabar ɗinsu tana farawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, kuma da yawansu ba sa son harkar kuɗi a tsakanin nan. A kai musu lissafi Juma'a da la'asar, ko a bari sai Asabar da dare.