Darasi na 7: Wa Ke Yanke Farashin Canji?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya ga 'yan canji zaune da damman naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya hannun. Kafin su karɓi kuɗinka sai ka tambaya, "Nawa ake canji yau?" Wannan tambaya ita ce darasinmu. Kuɗi ma haja ne, yana da farashi kamar gero da manja. Farashin canji shi ne yawan kuɗin ƙasarku da za ku bayar a ba ku kuɗin wata ƙasa. Idan aka ce dalar Amurka ɗaya naira 1,500 ce, to naira 1,500 ɗin nan ita ce farashin dala.

'Yan'uwanmu na Nijar su lura: dalar da muke nufi a nan kuɗin Amurka ce, ba dala ta lissafin sefa biyar ba.

Kusan kowace ƙasa tana da babban banki, nata na kanta ko na tarayya da wasu ƙasashe, wanda shi ke buga kuɗinta, shi ke kuma riƙe ajiyar kuɗaɗen waje da ƙasar ta samu. Hanya uku ce babban banki ke bi da kuɗinsa, kuma duk mai kiwo ya san su. Akwai akuyar da aka ɗaure gam a turke. Akwai wadda aka sake ta tafi inda ta ga dama. Akwai kuma wadda aka yi wa ɗaurin talala, tana yawo amma igiya na hannun mai ita.

Ɗauri a turke

A wannan tsari hukuma ce ke yanke farashi, ta ce kuɗinmu kaza daidai yake da kuɗin wata ƙasa kaza, kuma haka zai zauna. Sefa ita ce misalin da ya fi kusa da mu. Tun shekarar 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655.957, bai motsa ba. Mai yuro 100 ya san zai karɓi kusan sefa 65,600, bana ko baɗi, ban da ɗan ladan mai canji. Haka abin yake a Nijar, haka a Kamaru da Chadi, ko da yake takardun kuɗinsu da babban bankinsu daban ne da na Nijar. Riyal na Saudiyya ma a ɗaure yake, amma shi a jikin dala: dala ɗaya riyal 3.75 ce tun shekarar 1986.

To amma faɗa da baki ba ya tsayar da farashi. Ku ɗauka sarkin kasuwa ya yi shela cewa tiyar gero ba za ta wuce naira 1,000 ba. Idan damina ta yi kyau, babu gardama. Idan aka yi fari, gero ya yi ƙaranci, masu saye suka yi yawa, shelar nan ba za ta yi aiki ba sai in sarkin kasuwa yana da rumbu cike, yana fito da gero yana sayar wa duk wanda ya zo a kan naira 1,000. Ranar da rumbunsa ya ƙare, abu biyu ne zai faru. Ko dai ya fito ya ce ya kāsa, farashi ya tashi lokaci guda, ko kuma ya nace a kan shelarsa, gero ya ɓace daga rumfuna, a koma sayar da shi a zaure da dare a kan ninki biyu.

Babban banki shi ne sarkin kasuwar nan, rumbunsa kuwa ajiyar dala ce ko yuro. Saudiyya ta iya riƙe farashinta duk tsawon shekarun nan domin man fetur da take sayarwa yana cika mata rumbu da dala. Ita kuwa sefa, baitulmalin Faransa ne ya tsaya mata cewa za a iya mayar da ita yuro, su kuma ƙasashen suka yarda ba za su riƙa buga kuɗi yadda suka ga dama ba.

Amfanin wannan tsari shi ne kwanciyar hankali. Ɗan kasuwa zai yi odar kaya yau, ya san abin da zai biya nan da wata shida, kuma farashin kayan masarufi ba ya yawan gudu. Amma turke ma yakan tumɓuke. Dattawan Nijar ba su manta watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kafin nan sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai da sefa 100. Magani da duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake. Wannan shi ne halin ɗaurarren canji: shiru na shekaru, in kuma zai faɗi sai ya faɗi gaba ɗaya.

Sakakken canji

A nan babban banki ba ya yanke farashi. Masu saye da masu sayarwa ne ke yi, kamar tumatir a kasuwa. Dalar Amurka da yuro da fam na Ingila haka suke, farashinsu yana motsi kowace sa'a. Idan ƙasa ta sayar da kaya da yawa a waje, kuɗin waje ya shigo mata, kuɗinta sai ya yi ƙarfi. Idan masu neman dala don shigo da shinkafa, da biyan kuɗin makaranta, da zuwa asibiti a waje suka fi dalar da ke shigowa yawa, sai ya yi rauni. Ƙasa ba ta buƙatar ƙona ajiyarta don kare wani farashi, kuma da wuya kasuwar bayan fage ta yi tasiri, tunda babu abin ɓoyewa. Wahalarsa ita ce babu wanda ya san farashin gobe, kuma ƙasar da ta dogara da kayan waje takan ji jiki duk lokacin da kuɗinta ya zame.

Ɗaurin talala

Ƙasashe da yawa a tsakiya suke. Ana barin kasuwa ta motsa farashi, amma idan ya yi gudun da ya wuce kima sai babban banki ya ja igiya. Yakan fito da dala daga ajiyarsa ya sayar wa bankuna da 'yan canji masu lasisi, don dala ta wadata farashinta ya lafa. Yakan kuma ƙara kuɗin ruwa, don masu kuɗi su ga riƙe kuɗin gida ya fi musu riba a kan su ruga sayen dala.

Naira ta ɗanɗana kusan kowane salo, shi ya sa za mu daɗe a kanta. A shekarar 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka fara gwanjon kuɗin waje aka sassauta mata igiya. A zamanin Janar Sani Abacha aka tsayar da farashin gwamnati a wajen naira 22, alhali a kasuwa dala ta kai wajen naira 80. A farkon shekarar 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, amma wanda ya je Wapa a Kano ko wurin 'yan canji na Abuja sai ya biya wajen naira 750.

Mu yi lissafin abin da wannan tazara ke haifarwa. Mutumin da yake da hanya ya samu dala 1,000 a farashin gwamnati, ya biya naira 460,000. Ya tsallaka titi ya sayar a kan 750, ya karɓi naira 750,000. Ya ci ribar naira 290,000 bai noma komai ba, bai ƙera komai ba. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, wanda ya cike takarda a banki ya yi wata da watanni yana jira, a ƙarshe kasuwar bayan fage zai koma, kuma a kan 750 zai yi wa kayansa kuɗi. Ke nan talaka bai ga arahar 460 ɗin nan a kwanon awonsa ba. A ganina wannan ya fi kowane tsari muni: sunan ana ɗaure, amma rumbu ba ya isar kowa, sai 'yan kaɗan.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin wuri guda ya bar kasuwa ta yi aikinta. Tazarar ta ragu ƙwarai, amma naira ta zube, har dala ta haura naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Kowa ya ji a jikinsa, daga mai sayen taki zuwa mai sayen maganin hawan jini. Duk da haka bankin bai saki igiyar gaba ɗaya ba, ya ci gaba da sayar da dala lokaci zuwa lokaci, ya kuma ɗaga kuɗin ruwa sau da yawa a cikin 2024.

Ga yadda tsari biyu ke haɗuwa a aljihun mutum ɗaya. Maniyyaciya tana son guzurin dala 500. A Makka, dala 500 riyal 1,875 ce, bara da bana duk ɗaya, domin riyal a turke yake. Amma a gida, lokacin da dala take 750, naira 375,000 za ta tara. Da dala ta koma 1,500, sai ta tara naira 750,000. Abin da za ta saya da shi a can bai ƙaru ba, nairar da ke hannunta ce ta rage nauyi. Haka idan kun ji sefa ta yi tsada a Jibiya, sau da yawa ba sefa ce ta tashi ba, tana nan manne da yuro, naira ce ta sauka.

In kuna son gane lafiyar tsarin kowace ƙasa, ku kwatanta farashin da ake faɗa a rediyo da wanda ɗan canji zai ba ku a hannu. In tazarar 'yar kaɗan ce, ladansa ne kawai. In ta yi faɗi, kuma banki na ce wa mutane su dawo gobe, to rumbu ya yi ƙasa, kuma galibi karya darajar kuɗi na tafe. Mai sana'ar da ke sayar da kayan waje ya riƙa yin lissafi da kuɗin da zai sake saro kayan, ba da kuɗin da ya saro su a baya ba, in ba haka ba zai sayar da kaya duka ya ga jarinsa ba ya cika shago.

Aikin aji

1. Alhaji yana da dala 200. Riyal nawa zai karɓa a Saudiyya?

2. A ɗauka ana canjin jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, a kan naira 1,200. Rago a Maraɗi sefa 100,000 ne. Naira nawa falke zai tanada? In canjin ya koma naira 2,500, nawa zai tanada don wannan ragon?

3. Ku tambayi farashin dala ko sefa kowace ranar kasuwa har mako huɗu, ku rubuta a littafinku tare da farashin mudun shinkafa na ranar. Ku zo da shi aji mu duba tare.