Yadda mai unguwa zai tsara bidiyon kiran aikin gayya na yashe kwata

Abu uku ne mai kallon saƙon mai unguwa yake son ji: ina, yaushe, me zan zo da shi. Idan ya daɗe bai ji su ba, yatsansa ya riga ya wuce kan wani bidiyon. Misalinmu wata unguwa ce a Pantami, cikin garin Gombe, da kwatarta ta toshe ga damina na ƙaratowa.

Kafin a rubuta komai, a gama maganar wanda zai kwashe sharar. A nan yawancin gayya take lalacewa: matasa su yashe kwata, su tara baƙar laka da ledar ruwa a bakin hanya, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Saboda haka mai unguwa ya fara zuwa GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar (a Bauchi BASEPA ce), ya nemi mota, ko ya shirya da masu amalanke. Abin da bai tabbata ba kada ya shiga bidiyo. Alƙawarin motar da ba ta zo ba, shi ke hana mutane fitowa gayya ta biyu.

Sai rana. Asabar da safe ta fi, ban da Juma'a da ranar da ake da ɗaurin aure a layin. A yi a watan Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da lakar ta bushe, shebur na ɗaukarta ba wahala. A faɗi lokacin tashi kamar yadda aka faɗi na farawa, domin ɗan kasuwa da mai Keke NAPEP sai sun san yaushe za su koma nema kafin su amsa.

Rubutun kada ya wuce kalma ɗari da 'yan kai, wato minti ɗaya. Ga shi:

“Assalamu alaikum jama'ar unguwa, iyayena da ƙannena. Mai unguwarku ne. Ku dubi kwatar nan da ke bayana, daga masallacin Juma'a zuwa bakin famfo ta toshe. Bara ta nan ruwa ya shiga gidaje, kuma a nan sauro ke haihuwa. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, za mu yashe ta. Mu haɗu a ƙofar gidana. Kowane gida ya ba mu mutum ɗaya. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro, a sa takalmin roba. Iyayenmu mata, a share ƙofar gida, a tara shara a buhu, samari za su bi su karɓa. Yara ba za su shiga kwata ba. Mun gama magana da masu kwashewa, ranar za a ɗauke komai. Ni zan fara sa shebur. Allah ya ba mu iko.”

“Kowane gida mutum ɗaya” ya fi “kowa ya fito” aiki nesa ba kusa ba, don idan aka ce kowa, kowa zai zaci maƙwabcinsa ake nufi. Kuma ba a kama sunan gidan da ke zuba shara a kwata ba, ko da duk layin ya san shi. Wannan magana ce ta zaure. In ta shiga bidiyo, gayya ta koma rigima. A wurin “Asabar mai zuwa” a ƙara kwanan wata, saboda bidiyo yakan ci gaba da yawo bayan ranar ta wuce.

Wajen ɗauka, mai unguwa ya tsaya a bakin kwatar, ba cikin falo ba, da hantsi, rana na haska fuskarsa. A riƙe waya a tsaye, taku biyu daga gare shi, nesa da injin niƙa da janareta. Kada ya karanta takarda. Ya riƙe wuri, rana, lokaci da kayan aiki a ka, sauran ya faɗa da bakinsa. In ya yi tuntuɓe sau ɗaya a bar shi, ya fi kama da shi.

Gwajin mai sauƙi ne: a nuna wa wani da bai san zancen ba sau ɗaya, a tambaye shi ina, yaushe, da me. In ya rasa ɗaya, a sake ɗauka. A tura a WhatsApp ranar Laraba, a maimaita ranar Juma'a da dare, a kuma aika muryar kaɗai ga masu ƙarancin data. Dattawan da ba sa riƙe babbar waya kuwa, a roƙi liman ya sanar bayan sallar Isha'i.