Yadda ake gina Masque des diapositives don rubutu, launi da tambari su tsaya wuri guda

Wata ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa a nan Damagaram ta kawo mini rahotonta na ƙarshen shekara, diyapo 42 a PowerPoint, wai in daidaita shi kafin taro. Mutum uku suka rubuta shi, kowa a ordinatar ɗinsa. Da na riƙa wucewa daga diyapo zuwa diyapo, sai ga tambarin ƙungiyar yana tsalle: nan yana sama a dama, can ya sauko, can kuma an ja shi ya yi faɗi kamar faifai. Kore kala huɗu na ƙirga. Sakatariyar ta ce, "Malam, kwana biyu na yi ina gyara su ɗaya bayan ɗaya, in na gyara nan sai can ya ɓaci." Na ce mata, "Hajiya, ai ba a diyapo ake wannan gyaran ba, a uwarsu ake yi."

Uwar ita ce abin da PowerPoint na Faransanci ke kira Masque des diapositives, na Ingilishi kuma Slide Master. Duk abin da aka sa mata, diyapo na gadonsa, muddin ba a bi shi da hannu an canza ba. Zan bi sunayen Faransanci tunda su ne a yawancin ordinatocinmu.

Kafin komai ka tsayar da girman diyapo. Buɗe sabon fayil, ka nemi Taille des diapositives. Na 16:9 faɗinsa santimita 33,87 ne, tsayinsa 19,05. Na 4:3 faɗinsa 25,4. In ka bari sai daga baya ka canza, duk lissafin wurin tambari zai tashi a banza. Mu 16:9 muka ɗauka.

Sai ka shiga Affichage, ka danna Masque des diapositives. Dubi gefen hagu da kyau, don nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai babban hoto guda a can sama, ƙananan na jere a ƙarƙashinsa. Babban shi ne uwar. Ƙananan su ne dispositions, wato tsare-tsaren diyapo daban-daban: na take, na take da bayani, na gida biyu, da sauransu. Lokacin da ka shigo, PowerPoint yakan ajiye ka a kan ɗaya daga cikin ƙananan, ba a kan uwar ba. In ba ka lura ba ka sa tambari a nan, zai fito a wasu diyapo, ya ƙi fita a wasu, ka rasa dalili. Don haka ka hau sama ka danna babban tukuna.

Salon rubutu

Kada ka zaɓi rubutun take ka canza masa salo kamar yadda ka saba. Je ka Polices, ka sauka ƙasa zuwa Personnaliser les polices. Gida biyu za ka gani, ɗaya na take, ɗaya na jikin bayani. Zaɓi, ka ba shi suna, ka ajiye. Amfanin yin haka shi ne, duk rubutun da ke fayil ɗin, har da na cikin tebur da zanen ƙididdiga, zai koma yana bin waɗannan biyun. Alamar cewa rubutu na biye da su ita ce, a akwatin salo za ka ga an rubuta (Corps) ko (En-têtes) bayan sunan.

Wane salo za a zaɓa? Mu masu rubuta Hausa muna da gwajin da ba kowa ke yi ba. Rubuta wannan layi a gidan take:

```
Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ é è ç
```

In salon ba shi da haruffan nan masu lanƙwasa, PowerPoint ba zai gaya maka ba, sai dai ya aro su daga wani salon. Za ka gane ne in ka ga ƙ ta fi maƙwabtanta siranta ko tsawo a cikin kalma guda. Arial da Calibri sun ci wannan gwaji a Windows na yanzu. Abu na biyu, salon ya zama yana cikin ordinatar da za a haska rahoton da ita ranar taro. Sababbin Office sun koma Aptos, tsofaffin kuma ba su san shi ba. In ka kai fayil ɗin a kile zuwa tsohuwar ordinatar, za ta musanya shi da wani, layuka su karye a inda ba ka zata ba. Ni Arial na sa wa ƙungiyar, sama da ƙasa. Ba shi da wani ado, amma bai taɓa ba ni kunya a zauren taro ba.

Girma kuwa a jikin uwar ake sa shi. Take yana zuwa da 44, wanda ya yi yawa ga taken Hausa mai tsawo. Na mai da shi 32 mai kauri. Matakin farko na bayani na sa 24, na biyu 20.

Launi

Hanyar iri ɗaya ce: Couleurs, sannan Personnaliser les couleurs. Gurbi 12 ne: huɗu na rubutu da bango, shida na Accentuation 1 zuwa 6, biyu na mahaɗin intanet. Wanda ya fi shafarka shi ne Accentuation 1, domin duk sabon murabba'i ko kibiya da aka zana, da sandar farko a zanen ƙididdiga, shi suke ɗauka. A nan na sa koren tambarin ƙungiyar, `1E6B3A`. A Accentuation 2 na sa jan ƙasa irin na katangun Birni, `B5651D`. In Office ɗinka ba shi da gidan Hex da ake rubuta irin waɗannan lambobin launi, akwai na ja, kore da shuɗi. Koren nan shi ne 30, 107, 58.

Rubutu na bar shi baƙi a kan fari. Zaurukan taronmu tagoginsu a buɗe suke saboda zafi, hasken rana na cinye na majigi, ruwan ɗorawa ko toka mai haske da ke da kyau a fuskar ordinatar ba a ganinsu daga layi na uku.

Daga yanzu duk mai zaɓen launi ya ɗauka daga layin sama, na Couleurs du thème. Wanda ya ɗauko daga Couleurs standard ya fita daga gado, ko an canza launin uwar nasa ba zai motsa ba. Haka kore huɗun nan suka samu.

Tambari

Kana kan uwar har yanzu, ka shiga Insertion, Images, ka ɗauko tambarin. PNG marar bango ya fi, don kada farin akwati ya bayyana ranar da aka sa bango mai launi. Kada ka ja shi da linzami kana auna wa da ido. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Taille et position, ka tabbatar an kulle daidaiton faɗi da tsayi, sannan ka rubuta lambobi.

Namu faɗinsa santimita 3, tsayinsa 1,5, muna son shi a sama a dama da tazarar 0,8 daga baki. Ana auna wurin daga kusurwar hagu ta sama, don haka:

```
33,87 - 3 - 0,8 = 30,07
Position horizontale : 30,07 cm
Position verticale : 0,8 cm
```

Saura abin da ake mantawa. Gidan take na asali yana farawa daga 2,33, faɗinsa 29,21, ke nan yana ƙarewa a 31,54, ya shiga cikin tambarin da kusan santimita ɗaya da rabi. Gajeren take ba zai nuna matsalar ba, sai ranar da wani ya rubuta mai tsawo harafin ƙarshe ya hau kan tambari. Na rage faɗin gidan zuwa 27, ya tsaya a 29,33.

Yanzu ka bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Titre et contenu da Titre seul za su bi uwar. Amma Diapositive de titre, Comparaison da masu légende suna da nasu wurin take da aka riga aka tsayar, ba sa jin gyaran uwar, sai ka duba su da kanka. A Diapositive de titre mun so babban tambari a tsakiya, sai na sa alama a Masquer les graphiques d'arrière-plan, ƙaramin ya ɓace a nan kaɗai, na saka babban a jikin wannan tsarin. Waɗanda ba za a yi aiki da su ba na goge su. Daga 11 na bar biyar. PowerPoint ba ya yarda a goge tsarin da wani diyapo ke kansa.

Danna Fermer le mode Masque. Gwada danna tambarin a diyapo: ba zai kamu ba. Abin da ake so ke nan. Sai Enregistrer sous, ka zaɓi Modèle PowerPoint, fayil mai ƙarewa da `.potx`. Wanda ya danna shi sau biyu, sabon rahoto zai buɗe masa, asalin yana nan ba a taɓa shi ba.

Shigo da tsofaffin diyapo

Nan ne aikin ya ɗauke ni lokaci. Na kwafo duka 42 na liƙa a sabon fayil, na zaɓi Utiliser le thème de destination. In ka zaɓi Conserver la mise en forme source, tsohuwar uwa za ta biyo su, ka wayi gari da uwa biyu ko uku a fayil guda. In kana shakka, koma Masque des diapositives ka ƙirga manyan hotunan hagu. Guda ya kamata ka gani.

Tambari ya fito biyu a kowane diyapo, na uwar da tsohon da aka liƙa da hannu. Wanda ya kamu da linzami shi ne tsohon, shi ake gogewa. Daga nan na zaɓi dukkan diyapo a hagu, na danna Rétablir a Accueil. A wasu sigogin Réinitialiser aka rubuta. Wannan yana mai da wuri, girma da salon gidajen rubutu yadda uwar ta ce, ba ya goge kalma ko ɗaya. Sai dai kalmomin da aka kaurara don jan hankali su ma suna iya komawa yadda suke, ka sake dubawa.

Diyapo tara suka ƙi ji. Da na duba, wanda ya yi su ya goge gidan take na asali ya zana Zone de texte a madadinsa. A ido kamarsu ɗaya, amma Zone de texte ba ta karɓar wuri ko girma daga uwar. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce Affichage, Mode Plan: diyapon da takensa bai fito a jerin ba, takensa na jabu ne. Ba wata gajerar hanya a nan. Bayan Rétablir gidan take na gaske ya dawo ba komai a ciki, na yanko rubutun na liƙa a ciki ba tare da tsohon salonsa ba, na goge Zone de texte. Inda wani salo ya maƙale a tsakiyar jimla, na zaɓi rubutun na danna `Ctrl+Espace`.

Ana gobe taro Hajiya ta kira ni, wai shugabar ƙungiya ta ce tambarin ya yi ƙanƙanta. Ta waya muka yi shi: ta shiga uwar, ta mai da faɗinsa 3,5, Position horizontale ta koma 29,57. Tazararsa da gidan take ta rage 0,24 kacal, sai na ce ta rage gidan zuwa 26,5, ta kuma leƙa Comparaison tunda shi ba ya bin uwar.