Yadda Foman Zai Rubuta wa Mai Gida Wasiƙa Kan Jinkirta Ɗora Kaya a Sabon Dekin

Mai gida ya ga dekin ya bushe, ya taka ya ji tauri, sai ya ce a hau da bulo gobe. Bayanin baki ba ya daɗewa a irin wannan hali, gara a rubuta.

Da farko, bayan gaisuwa, ka sa ranar da aka zuba kankaren, domin daga ita ake duk lissafin. A ce ranar 3 ga wata ce.

Na biyu, ka bayyana dalili, kuma nan ne ya kamata ka tsaya sosai. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke ci gaba da aiki a cikinsa sannu a hankali. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai a kwana 28 yake kai wanda injiniya ya yi lissafi da shi. Shi ya sa ake ta ba shi ruwa aƙalla mako guda. Kana iya cewa:

"Ranka ya daɗe, taurin da ake ji a sama ba shi ne ƙarfin dekin ba. Cikinsa bai gama nuna ba tukuna."

Na uku, ka nuna masa nauyin da lamba, don masu gida sun fi yarda da lissafi. Dekin gidan zama akan tsara shi ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Buhun siminti kilo 50 ne. In aka jibge goma wuri guda, kilo 500 ke nan a wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, kuma a kan kankaren da bai ƙosa ba. Ka faɗi abin da zai biyo baya ba tare da tsoratarwa ba: tsakiyar dekin ta lotsa, siraran tsaga su fito ta ƙasa, daga baya ruwa ya bi ta nan ya sa rodi tsatsa. Lotsawar ba ta komawa, filasta ɓoye ta kawai take yi.

Daga nan sai ranaku. Ban ruwa har zuwa 10 ga wata, sandunan da suka tokare dekin su zauna sai injiniya ya ce a cire, kaya masu nauyi kuma sai 31 ga wata. In an ɗebi samfurin kankare don gwaji, ka ambaci ranar da sakamakon zai fito.

Kada ka rufe wasiƙar da "a jira" kawai. Ka lissafa aikin da za a ci gaba da shi a ƙasa, kamar buga bulo da yanka rodin ginshiƙan sama, don ya san leburori ba zaman banza za su yi ba. Ka sa hannu da kwanan wata, ka ba injiniya kwafi, ka ajiye naka.